Ba Kowane Farin Ruwa Ne Sanyi Ba

Akwai wasu kwanaki uku ko huɗu tsakanin al'ada da al'ada da mace mai lafiya takan ji gabanta da damshi har da santsi, in ta duba ta ga wani ruwa garai-garai mai yauƙi. Mata da yawa hankalinsu kan tashi. Budurwa ta yi gum saboda kunya, matar aure ta gaya wa yayarta ko ƙawarta, amsar kuwa kusan ɗaya ce: "Ke, sanyi ne ya kama ki, maza nemi magani kafin ya hana ki haihuwa." Sai a nufi kemis ko wurin mai maganin gargajiya. Bayan kwana biyu ruwan ya ɗauke, a yaba wa magani. Wata mai zuwa ya dawo, a ce sanyin ne mai naci.

Da an bar shi ma, da kansa zai ɗauke, domin lokacinsa ne ya wuce. Matuƙar babu wari, babu ƙaiƙayi, babu zafi, wannan ruwa sanarwa ce jiki yake yi cewa ƙwai ya kusa fita. Abin takaicin shi ne, wadda ta fi kowa yaƙi da shi sau da yawa ita ce mai neman haihuwa ido rufe, alhali shi ne yake kai maniyyi inda ƙwan yake.

Daga bakin mahaifa ruwan yake fitowa. Bakin mahaifa wata 'yar siririyar hanya ce da ta haɗa can ƙarshen farji da cikin mahaifa, kuma a jikin bangonta akwai ƙananan lunguna masu samar da majina. Irin majinar da za su samar ya dogara da sinadarai biyu da ma'ajiyar ƙwai take zubawa cikin jini. Bayan al'ada ta ɗauke, ƙwai yakan fara girma a cikin 'yar jakarsa, jakar kuma tana fitar da sinadarin istirojin. Gwargwadon girman jakar, gwargwadon yawan istirojin, shi kuwa yana sa majinar ta yawaita, ta tsinke, ta cika da ruwa. Da zarar jakar ta fashe ƙwai ya fita, abin da ya rage nata sai ya koma fitar da wani sinadarin, furojestaron, wanda yake daskarar da majinar ta toshe hanyar kamar yadda take a da.

Wannan buɗewa da rufewa suna da dalili. Cikin farji wuri ne mai tsami, kuma tsamin kariya ce daga ƙwayoyin cuta, sai dai ƙwayoyin maniyyi ma ba sa jure masa. A ranakun da bakin mahaifa yake toshe, cikin 'yan sa'o'i suke mutuwa. Majinar mai yauƙi ba ta da wannan tsami. Tana karɓar ƙwayoyin maniyyi, ta ba su hanyar iyo zuwa sama, ta tace marasa kyawun siffa, wasu kuma su fake a lungunan nan na bakin mahaifa har tsawon kwana biyar da ransu. Shi kuwa ƙwai, in ya fita, sa'a 12 zuwa 24 kawai yake da su. Saboda haka maniyyi ne ya kamata ya riga zuwa ya jira. Wani bincike da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka wallafa a 1995, bayan sun bi mata 221 a jihar North Carolina ta Amurka, ya nuna cewa duk cikin da aka samu ya fito ne daga saduwar da aka yi a cikin kwana shida: kwana biyar kafin fitar ƙwai, da ita ranar fitar. Amfanin wannan alama ke nan a kan sauran alamomi. Tana zuwa tun da sauran lokaci, ba bayan an gama ba.

Likitoci sun daɗe da sanin halin wannan majina a ɗakin gwaji. Waɗanda suka mayar da sanin hannun mata su ne wasu likitoci biyu, mata da miji, a birnin Melbourne na Ostireliya, John da Evelyn Billings. John ya fara aikin a 1953, ya kuma lura cewa mata da kansu suna iya ba da labarin sauyin ba tare da an duba su ba. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada hanyar a ƙasashe biyar, Indiya da Filifin da El Salvador da Ireland da New Zealand, da mata 869, wasunsu ba su yi karatun boko ba. A sakamakon da aka wallafa a 1981, kashi 93 cikin 100 sun gane sauyin tun a zagayen farko da aka koya musu.

Yadda ake lura

Matanmu ba baƙi ba ne a wajen duba jiki. Duk wadda ta yi karatun Risala ko ta zauna gaban malama a Islamiyya ta san alamomin tsarki biyu, bushewar gaba da farar kumfa. Sai dai waɗannan suna nuna ɗaukewar jini ne kawai, ba su da abin cewa a kan ƙwai. Lurar da muke magana a kai tana farawa ne daga inda waccan ta tsaya, kuma ba ta bukatar cusa ƙyalle ko yatsa ciki. Abin da ya sauko bakin gaba da kansa shi ake dubawa.

Abu biyu ake tambaya: me na ji, me na gani. Ji ya fi gani muhimmanci, ko da yake mata sukan fi mayar da hankali kan gani. Ji shi ne yadda bakin gaba yake yayin da mace take kai-kawonta na yau da kullum, a bushe ne, ko da ɗan danƙo, ko a jiƙe, ko da santsi. Tun da yawancinmu da ruwa muke tsarki, dabarar ita ce a duba kafin a zuba ruwan buta, domin ruwa yana wanke shaidar. Mace ta shafa tsaftataccen ƙyalle ko takardar tsarki daga gaba zuwa baya, ta lura ko ya ja ko ya zame, sannan ta duba abin da ya fito, ta taɓa shi tsakanin babban yatsa da manuni, ta buɗe su a hankali. A ranakun santsi ko da ruwan ma za ta ji yatsunta suna zamewa yadda ba su saba ba. Mai zagawa kafin kowace alwala ta riga ta sami lokutan dubawa ba tare da ta ware wani ba. Da dare sai ta rubuta abu ɗaya: alamar da ta fi damshi a duk yinin. In sau huɗu ta ji bushewa, sau ɗaya ta ji santsi, ranar santsi ce.

Mu ɗauki misalin wata mace da al'adarta take zuwa duk bayan kwana 33, mijinta kuma yana aiki a wani gari, sai ya shirya yake zuwa gida. An gaya mata ranar 14 ce ranar ɗaukar ciki, don haka kowane wata a kan ranakun 12 zuwa 14 take tsara zuwansa. Ana ƙirga ranar da jini ya fara zuba sosai a matsayin rana ta 1.

Ga abin da littafinta zai iya nunawa. Daga rana ta 1 zuwa ta 5 jini. Daga ta 6 zuwa ta 11 bushewa, babu abin gani, babu abin ji. A rana ta 12 ta ga ɗan abu fari mai danƙo a jikin ƙyalle, in ta buɗe yatsu sai ya tsinke nan take, haka kuma ya ci gaba har rana ta 14. A ranakun 15 da 16 ya yi laushi, ya ƙaru, launinsa fari-fari, tana kuma jin damshi ko tana zaune. A rana ta 17 ya fara washewa yana miƙewa. A rana ta 18 ya zama tamkar farin ɗanyen ƙwai, yana miƙewa tsakanin yatsu ya kai tsawon yatsa ko fiye bai tsinke ba. A rana ta 19 abin gani ya ragu ƙwarai, amma santsin ya fi na kullum. A rana ta 20 ta tashi ta ji wayam, sai ɗan danƙo da la'asar. Haka ta zauna tsakanin bushewa da danƙo har jini ya dawo bayan rana ta 33.

Wace rana ce mafi muhimmanci a nan? Da yawa za su ce ta 18, saboda a ranar ruwan ya fi yawa, ya fi miƙewa. Rana ta 19 ce. Ranar ƙarshe da aka ji santsi, komai ƙanƙantar abin da aka gani, ita ake kira ranar ƙololuwa, kuma a yawancin mata ƙwai yana fita ne a ranar, ko kwana ɗaya zuwa biyu kafinta ko bayanta. Matsalarta guda, ba a gane ta sai ta wuce. Sai da matar nan ta ji bushewar rana ta 20 sannan ta san jiya ce. Don haka mai neman ciki ba ta zaman jiran ƙololuwa. Da damshi ya fara, lokaci ya yi.

Yanzu a dubi abin da ya yi ta faruwa da ita. Mijin yakan koma bakin aiki a rana ta 14, lokacin da majinar take da danƙo, hanya ba ta gama buɗewa ba, ƙwai kuma saura kwana biyar ko shida. Da wuya maniyyin wannan zuwa ya kai labari. Lafiyarta ƙalau, lafiyarsa ƙalau, lissafin ne ya kauce da kwana biyar. In ta kira shi a rana ta 15 da ta fara jin damshi, ya iso ya yi ranakun 17 zuwa 19 a gida, sun dace da mafi kyawun lokaci. Ba dole sai kullum ba, saduwa yau a tsallake gobe a cikin waɗannan ranaku ta wadatar.

Ranar 14 da ake yawan faɗa ta samo asali ne daga zagayen kwana 28. Rabin zagaye na biyu, daga fitar ƙwai zuwa jini, shi ne mai ɗan tabbas, kusan mako biyu a yawancin mata, kamar yadda kwana 14 suka shiga tsakanin ƙololuwar matar nan da jininta. Rabin farko kuwa yana tsawo yana gajarta, rashin lafiya ko tashin hankali ko doguwar tafiya na iya jinkirta shi. Kalanda, da manhajar waya da ke lissafi da ranakun jini kaɗai, hasashe suke yi daga watannin baya. Majina tana ba da labarin wannan watan ne.

Mace mai gajeren zagaye labarinta daban ne. In duk kwana 24 take ganin jini, ƙwanta yana fita ne wajen rana ta 10, majinar kuma ta fara sauyawa tun rana ta 5 ko ta 6, wataƙila jini bai gama ɗaukewa ba. Irin wannan ba ta da ranakun bushewa, daga wankan tsarki sai ranakun ɗaukar ciki. Shi ya sa maganar da ake yi a zaurukan mata, wata ta ce bayan wanka ne ake ɗaukar ciki, wata ta ce ai lokacin ne ba a ɗauka, kowacce gaskiyar jikinta take faɗa.

Akwai kuma lissafin da ya shafi gidajenmu masu mata fiye da ɗaya. In mata biyu ne ana kwana bibbiyu, ba yadda za a yi kwana shidan nan su wuce girki bai zagayo ba. In mata huɗu ne, kowacce tana yin dare shida ba ta da miji a ɗakinta, kuma mafi kyawun ranakun, biyu zuwa uku, suna iya faɗawa cikin wannan tazara wata bayan wata. Kafin a fara zargin wata da rashin haihuwa, ya kyautu a dubi wannan. Yadda za a daidaita kwana kuwa magana ce ta maigida da matansa da yardar juna.

Abubuwan da ke rikita alamar

Maniyyi ne na farko. Washegarin saduwa yakan sauko da damshi da ɗan yauƙi, mai koyo ta ɗauka majina ce. Bambancinsa shi ne yana saurin tsinkewa tsakanin yatsu, yana kuma saurin bushewa. Ruwan sha'awa ma yana da santsi, amma ba daga bakin mahaifa yake ba, kuma yakan ɓace cikin sa'a guda bayan sha'awar ta kwanta. In ana shakka, a ɗiga abin a kofin ruwa. Majinar bakin mahaifa takan dunƙule ta ƙi narkewa, ruwan sha'awa kuwa ya baje. Hukuncin kowannensu a wajen alwala fagen malamai ne.

Sai ainihin cuta, domin sanyin gaske yana nan, kuma yana da kamanninsa. Farin abu mai kauri guda-guda tare da ƙaiƙayi mai tsanani da jan fata yawanci ƙwayar cutar fangas ce. Ruwa tsararo mai launin toka da ƙarni irin na kifi, wanda yake ƙaruwa bayan saduwa, alama ce ta rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a farji. Ruwa rawaya ko kore-kore mai kumfa da zafin fitsari yana nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa, wadda sai an yi wa miji da mata magani tare, har da abokan zama in akwai. Babban abin da ya raba waɗannan da majinar lafiya shi ne tafiyar lokaci. Majina tana zuwa, ta sauya kama daga rana zuwa rana, ta tafi. Ruwan cuta yana nan yau, yana nan gobe, kamarsa ɗaya. Wanda ya zo da ciwon mara, ko zazzaɓi, ko jini bayan saduwa, asibiti ya kamata a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Abin da mata suke sa wa kansu ma yana da nasa laifin. Maganin matsi mai busar da gaba, da wanke ciki da sabulu ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta, suna gusar da alamar, suna kuma kashe ƙwayoyin da ke tsare tsamin farji, daga nan cutar da ake gudu ta sami ƙofa. A ganina wannan ce ɓarna mafi girma a cikin batun: mace ta kashe kuɗinta ta busar da abin da take bukata. Wadda take kan ƙwayar tazarar haihuwa, ko allura, ko ashanar damtse, ba za ta ga wannan sauyi yadda aka bayyana ba, domin daskarar da majinar na cikin aikin waɗannan magunguna. Bayan barin allurar wata uku, jiki kan ɗauki watanni kafin ya koma tsarinsa. Kilomifin, maganin da likitoci ke bayarwa don tayar da ƙwai, wanda wasu ke saye a kemis ba da izini ba, shi ma yana iya rage majinar a wasu mata.

Akwai iyakar da dole a faɗa. Majina shaida ce cewa istirojin ya hau, jiki yana shirin sakin ƙwai. Ba ta tabbatar da cewa ƙwan ya fita. Mai shayarwa, da wadda ta doshi ɗaukewar al'ada, da mai matsalar nan da ƙananan jakunkuna suke taruwa a ma'ajiyar ƙwai har al'ada ta riƙa yin wata biyu ko uku ba ta zo ba, duk suna iya ganin damshi ya zo ya tafi sau da yawa ba tare da ƙwai ya fita ba. Abin da ke ƙarfafa zato shi ne bushewa ta biyo bayan santsi kwatsam, sannan jini ya zo bayan kusan mako biyu. Mai son ƙarin tabbaci tana iya auna zafin jikinta kowace asuba kafin ta tashi daga shimfiɗa, domin yakan ƙaru da digiri 0.2 zuwa 0.5 a ma'aunin Salshiyos bayan fitar ƙwai ya tsaya a haka. Akwai kuma tsinken gwajin fitsari da ke nuna saura kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da gwajin furojestaron a jini da ake yi mako guda kafin ranar da ake sa ran al'ada.

Ma'auratan da ke son amfani da alamar don ba da tazara aikinsu ya fi wuya. A misalin matar nan, za su ƙaurace wa saduwa tun daga rana ta 12 da aka ga sauyin farko, ko da danƙo ne kawai, har a cika kwana uku bayan ƙololuwa, wato 20 da 21 da 22. Daga rana ta 23 zuwa jini babu fargaba. Kwana 11 ke nan a jere, ban da na al'ada. A ranakun bushewa na farko ma ƙa'idar Billings ita ce saduwa da dare kawai, kuma a tsallake dare ɗaya, don kada maniyyi ya ɓoye farkon majina. A gwajin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin da aka samu duk da bin ƙa'ida bai wuce kimanin 3 cikin mata 100 a shekara ba, amma jimillar cikin da aka samu ta kai kimanin 22, mafi yawa daga ma'auratan da suka san ranar haɗari ce suka sadu. Ke nan hanyar ba ta mace ita kaɗai ba ce. Inda miji ba zai yi haƙuri ba, ko inda likita ya ce wani cikin yana da haɗari ga ran uwa, gara a nemi wata hanyar a asibiti. Ba ta kuma kare kowa daga cututtukan saduwa.

Mai neman haihuwa ta ba kanta zagaye biyu ko uku tana rubutu kafin ta amince da karatunta, zai fi kuma in ta sami ungozomar asibiti ko ma'aikaciyar jinya da ta san hanyar ta duba mata littafin. In shekara ta cika ana saduwa a ranakun da suka dace ba a sami ciki ba, ko wata shida ga wadda ta haura shekara 35, sai a ga likita. Wadda ba ta taɓa ganin ranakun santsi ba a cikin zagaye uku, ko jininta yana zuwa ƙasa da kwana 10 bayan ƙololuwa, ko al'adarta tana wuce kwana 35 a kai a kai, ba sai ta jira shekara ba. Ta tafi da littafin nata, domin likita zai ga tsawon zagayenta da ranar da ta dace a ɗebi jininta. Maigida ma ya bi ta, gwajin maniyyi yana cikin gwaje-gwajen farko da za a nema, kuma ya fi yawancin nata sauƙi da araha.